Ɗana yana cewa "taza" maimakon kaza, surukata ta kira wanzami ran Juma'a

Maman Yaro, Tawa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ɗana na da shekara 3 da wata 4. Duk inda "k" ko "g" suke, sai ya mayar da su "t" da "d". Kaza "taza", gida "dida", kuɗi "tudi". Ruwa kuma "luwa". Bakinsa ba ya hutawa, yana jin kira ko daga zaure, maƙwabta na gane galibin abin da yake faɗi. Inna, uwar maigidana, ta ce linzami ne ya riƙe mashi harshe, har ta yi magana da wanzami ya zo ran Juma'a. Ni hankalina bai kwanta ba. In bari a yanka, ko in tara kuɗin mota mu tafi Yamai, ko in jira?

Hajiya mai jikoki: Wa alaikumus salam ɗiyata. Tsamin baki ne. Na raini tara, kowa ya yi shi. Kafin ya fara famfarar haƙori zai daina. Kada ki ɓata kuɗinki, kada kuma ki ɓata da surukarki.

Ɗan Koni: Ki ba shi zuma da habbatus sauda da safe. Ƙanena ya yi in'ina har ya kai aji uku, da haka ya samu sauƙi.

Maman Yaro, Tawa: Malam, ba in'ina yake ba. Maganar na fita sumul, harafin ne kawai yake sauyawa.

Baban ƴan mata, Yamai: Hajiya, ki yi haƙuri, wannan "zai daina" ita ta cuce ni. Ɗiyata ta fari tun tana goye kunnenta ke zubar da ruwa duk lokacin sanyi. Mu ɗiga magani ya tsaya, mu manta. Tana shekara 4 takalmi "ami" take ce mashi, shinkafa "afa", farkon kalma ba ya fita sam. In ka kira ta daga baya ba ta waiwaye, muna cewa taurin kai ne, har dukanta na yi, Allah ya gafarta mani. Aka yanke mata linzami, jini ya ƙi tsayawa, muka kwana asibiti, magana kuma tana nan yadda take. Sai da ta shiga aji ɗaya ta kasa karatu aka tura mu gwajin ji. Likitan kunne ya ce dodon kunnen hagu ya huje, na dama kuma ruwa ya taru a bayansa. Shekaru tana jin mu kamar daga cikin rijiya, babu wanda ya ce mu duba kunne. Har gobe in na tuna ba na iya barci.

Hajiya mai jikoki: Subhanallahi. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ce.

Maman Yaro, Tawa: Amin. Wallahi jikina ya yi sanyi. Nawa ne gwajin?

Baban ƴan mata, Yamai: Jika goma na biya, ban da ganin likita.

Wata daga Dogon Dutse: A'a, ni jika ashirin da biyar aka karɓa a kilinik bara.

Ɗan Koni: Wanzami jika guda ne da goro.

Mai gyaran maganar yara, Yamai: Ƙanwata, wannan shi ne aikina, bari in ce wani abu. Ki faɗi "ta" a hankali, za ki ji kan harshenki ya taɓa bayan haƙoran sama. Ki faɗi "ka", za ki ji gindin harshe ne ya ɗaga can ciki. Linzami kan harshe yake ɗaurewa. Yaron da ke zuba "t" da "d" da "l" ko'ina, kan harshensa lafiya lau yake, da shi ma yake yin aikin da gindin harshe bai koya ba tukuna. Ko an yanka, "k" ba za ta fito daga nan ba. In kina son ki gani da idonki, ki shafa mashi zuma a leɓen sama da na ƙasa ki ce ya lashe. In harshen ya fito ya kai, ba a ɗaure yake ba.

Wannan jawo sautin baya zuwa gaba yara da yawa na yin shi, kuma yakan wuce tsakanin shekara 3 da rabi zuwa 4. "R" ta fi jinkiri, "luwa" ko "yuwa" na iya kaiwa shekara 5 ko 6. Kiyasin nan galibi daga yaran Turawa aka samo shi, shi ya sa ba na ƙirga shi da wata-wata, amma ɗanki yana cikin lokacinsa. Na ɗiyar Baban ƴan mata daban ne. Zubar da farkon kusan kowace kalma a shekara 4 ba tsamin baki na kullum ba ne, haka ma yaron da ke juya abin, ya ce "kuwo" maimakon tuwo, ko wanda iska ke fita ta hancinsa in yana magana. A shekara 4 ya kamata baƙo ya gane kusan duk abin da yaro ke faɗi.

Jikan wanzamai: Madam, da ku da littattafanku jiya kuka zo. Kakana ya yanke linzamin yara ba adadi, kuma sun yi magana.

Mai gyaran maganar yara, Yamai: Sun yi, ɗan uwa, don lokacinsu ya yi. Linzamin gaske akwai shi, tun a shan nono ake fara ganinsa, jariri ya kasa kama mama. Wannan ban musa ba. Na yaron nan ne na ce ba shi ba ne.

Hajiya mai jikoki: To ai maganata ke nan tun farko, a jira.

Baban ƴan mata, Yamai: Ba ɗaya ba ne Hajiya. Jira bayan an duba kunne daban, jira da ido rufe daban.

Direban kabu-kabu: Nawa ɗan kowace kalma sai ya karya ta, amma "Baba ba ni dala" tana fita tas kamar mai labarai a rediyo.

Maman Yaro, Tawa: Anti, to me zan yi a gida?

Mai gyaran maganar yara, Yamai: Ki aje ƙunshin kaya da tsohuwar taya a tsakar gida. Ki tsaya bayansa, kada ya ga bakinki, ki ce da murya ƙasa "taɓa kaya", "taɓa taya", kina cakuɗa su kamar sau goma. In yana dacewa, kunnensa na raba sautin biyu, baki ne ya rage. In ya ce "taza", kada ki ce ya sake, ki amsa "I, kaza ce, kaza ta gudu". Ku daina kwaikwayonsa don dariya. Ya cika 4 bai canza ba, ko kunne ya yi ciwo ko ruwa, ki kai shi likita ba tare da jira ba.

Uwar tagwaye, Yamai: Ni wannan dariyar ce ke ci mani rai. A jardan ɗin da nake biyan kuɗi masu yawa, madam ta tsayar da Hasana gaban aji don ta ce "kofa" da "daki". Yarinyar da ke wuni da Zabarmanci wajen kakarta, inda babu "ƙ" babu "ɗ"! Yanzu ta daina buɗe baki a lakwal.

Wata daga Dogon Dutse: Mu kuma wani malamin lakwal cewa ya yi ɗana na da matsala don yana cewa "tahi" da "hwara". Haka dukan garinmu ke faɗi, har limaminmu.

Maman Yaro, Tawa: Na gwada kaya da taya bayan Magariba, ya dace sau tara. Zumar ma ya lashe har haɓa. Yanzu abin da ya rage, wa zai gaya ma Inna? Maigidan yana Agadas sai ran Asabar.

Uwar tagwaye, Yamai: Wai akwai wanda ya taɓa kai ƙarar irin wannan madam wajen darakta aka saurare shi?