Minti 35, yara 80, darasin karanta agogo: ku duba mini wannan shiri

Ɗalibar koyon koyarwa, Gyallesu: Assalamu alaikum malamai. An ba ni aji uku a wata firamare, Laraba mai duba mu zai zo. Manufar da na rubuta: yara su fahimci lokaci. Gabatarwa minti 5, in zana agogo a allo su kwafa minti 10, bayanin awa da rabi da kwata minti 15, tambayoyi minti 5. Ya yi?

Tsohon hedimasta, Tudun Wada: Wa alaikumus salam 'yata. Ni idan aka kawo mini shiri, daga ƙasa nake fara karantawa. Wace tambaya za ki yi a ƙarshe? In agogo za ki nuna ki ce ƙarfe nawa, to manufarki ke nan: yaro ya kalli agogo ya faɗi awa cikakkiya da rabi. "Fahimta" ba a ganinta da ido, mai duba ki ba shi da abin da zai auna. Kuma zanen nan bai dace da manufar ba. Yaro zai zana da'ira mai kyau, ya jera 1 zuwa 12, ki nuna masa uku da rabi ya ce huɗu da rabi, don gajeren hannu ya baro 3 ya doshi 4. Nan darasin yake. Ki yanko kwali ki yi agogo mai hannu biyu, ki juya suna faɗi, sannan su fito su juya. Kwata kuwa ki bar ta sai wani darasin.

Malamin lissafi, Sabon Gari: Minti 10 ba sa isar yara 80 kwafar zane, na gwada. Neman fensir da aron murfin kwalba na zagaye kaɗai sun cinye su. In lokaci ya ƙure, ki mai da tambayoyin aikin gida.

Tsohon hedimasta: Lissafinka na lokaci daidai ne, Malam, amma banda tambayoyin. A gida yayansa ne zai amsa masa. Gara a rage gabatarwa.

Malama, Samaru: Mu namu mai dubawar kwanan wata da sa hannun hedimasta ya fara nema. Ki tabbata an sa miki hannu tun Talata.

Ɗalibar: Na gode ƙwarai, Baba. Na gyara: gabatarwa 3, ni da agogon kwali 10, yara su juya 12, tambayoyi 7, minti 3 na ajiye don tsawatarwa da raba kaya. Amma a minti 12 yara nawa za su fito?

Malamin lissafi: Da kyar goma. Sai dai ki yi agogo takwas, kowane rukuni ɗaya.

Malama, Samaru: Rukuni a ajin da benci ya cika har bakin allo? Ta ina za ta bi ta duba su?