Jin kamar duniya mafarki ce lokacin fargaba: abin da aka tattauna

1. Kusan kowa cikin waɗanda suka taɓa jin haka kwatancensa ɗaya: ɗakin da ka sani ya koma baƙo, muryoyi kamar daga nesa.

2. Ɗaya daga cikin dalilan: fargaba na sa numfashi da sauri, iskar kabon ta ragu a jini, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, kai ya yi sakayau. Ba hauka ba ne, tunda mutum ya san abin ji ne kawai. Yana wucewa.

3. An yarda cewa yawan bincikar kai, "na dawo daidai kuwa?", shi ke tsawaita shi.

4. An rabu kan dabara. Wasu sun ce a sassauta numfashi, a taɓa ruwan sanyi. Wasu sun ce a ƙyale shi, a ci gaba da aiki. Na fi karkata ga ra'ayi na biyun.

5. In ya daɗe, ko ya zo da suma, a ga likita.