Wace Hausa za mu ba FOB, CIF da biyel?

Zainabu Kwari:
Salamu alaikum. Duk Asabar ina zama da matan da ke haɗa kuɗi suna odar kaya daga Caina, ina karanta musu takardun da masu sayarwa ke turowa. Abu uku ke ba ni wuya: FOB, CIF, da takardar nan da ake ce wa bil-of-ledin, wadda 'yan kasuwa ke gajarce wa biyel. Yanzu ce musu nake FOB "kaya zuwa jirgi", CIF "kaya har gida", biyel kuma "rasit ɗin jirgi". Raina bai kwanta da su ba. Ku taimaka min.

Sani Ɗan Dako:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni ban ga laifin "har gida" ba. Ai mai kaya ya biya jirgi, ya biya inshora, naki karɓa kawai. Sai dai a ce "har tasha", tunda a bakin teku ake saukewa, ba a Kano ba.

Malam Habu Apapa:
Hajiya, don Allah ki janye "har gida" tun kafin Asabar mai zuwa. Sani ya kama rabi: kuɗin jirgi da inshora suna cikin farashin CIF, kuma iyakarsa tashar da aka rubuta, misali `CIF Apapa`. Kuɗin kwastan, kuɗin tasha, ladan mai fito da kaya, tirela zuwa Kano, duk naku ne.

Rabin da ya bari shi ne mai zafi. Tambaya biyu ce a nan, mutane na mayar da su ɗaya. Wa zai biya dako? Idan kaya sun lalace a teku, asarar wa? A FOB da CIF duka, amsar ta biyu ɗaya ce: da zarar kaya sun hau jirgi a tashar lodi, asara ta koma wuyan mai saye. Haka yake a ƙa'idojin Inkotams na 2020, waɗanda ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya da ke Faris ke fitarwa.

Mu ƙaddara kaya na dala 20,000 ne, `FOB Ningbo`, wato za a yi lodi a tashar Ningbo ta Caina. Mai sayarwa zai fito da su daga kwastan ɗin ƙasarsa, ya ɗora su a jirgin da kika zaɓa, ya gama. Ke za ki nemo jirgi, mu ce dala 4,000, ki sayi inshora, mu ce dala 100. Idan `CIF Apapa` ne, shi zai yi waɗannan biyun ya rubuto miki 24,100. Jirgi ya nutse a tsakiyar teku, a duka biyun sai kin biya shi kuɗinsa duka, ke ce za ki bi kamfanin inshora.

Alhaji Isufu na Maraɗi:
Malam Habu, abin da ya same ni ke nan. Na sayi shadda kwantena guda, CIF Kwatano. Da aka buɗe, ruwa ya bi ta rufin, dila-dila na sama duk sun yi funfuna, har warin na bugun hanci. Na kira mai kaya, ya ce shi ya sauke nasa nauyin ranar lodi, ga takardar inshora. Na je wurin inshora, suka ce jiƙewa ba ta cikin abin da aka saya min. Har yau ban gane ba, to inshorar mene ce na biya?

Malam Habu Apapa:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ka duba takardar, ina kyautata zaton za ka ga harafin `C` a jikin sharuɗɗan. A CIF, abin da ya wajaba a kan mai sayarwa shi ne inshora mafi ƙanƙanta, ta kashi 110 cikin ɗari na kuɗin cinikin. Tana biya idan jirgi ya nutse, ya kife, ya yi karo ko ya kama da wuta. Sata da yoyon ruwa ba sa ciki. Mai son su shiga sai ya nemi mai harafin `A` tun wajen ciniki, a rubuta, ya biya ƙarin.

Ga na Najeriya ma akwai ƙari: banki ba ya buɗe Fom Em, takardar da ake cikewa kafin a shigo da kaya, sai da takardar inshorar kamfanin cikin gida. Shi ya sa mafi yawan takardun da ke biyowa ta hannuna CFR ne, wato dako kawai mai sayarwa ya biya.

Malama Rabi:
To ai sunayen sun fito daga bayanin nan. A kasuwa muna cewa "kuɗin mota a ciki" ko "ban da kuɗin mota". Me zai hana FOB ya zama dako-waje, CFR dako-ciki, CIF kuma dako-da-inshora? Ba wanda zai ji su ya ɗauka an yi masa alkawarin kaya za su iso lafiya.

Sani Ɗan Dako:
Anti Rabi, dako a wurinmu na kai ne da baro da kura. Jirgin ruwa fa? Ni "jigila" ta fi min.

Malama Rabi:
Muna cewa jirgin dakon mai, Sani, ba wanda ya taɓa ruɗewa.

Lawal Singa:
Ni kullum FOB nake saye, kuma har shagona ake kawo min a buhu, kilo-kilo nake biya. To ina maganar jirgi a nan?

Malam Habu Apapa:
Naka daban ne, Lawal. Kai kamfanin kago ka ba, suka cusa buhunka a kwantenarsu tare da na mutum hamsin. Biyel da sunansu take, kai rasit ɗinsu ne a hannunka.

Wannan ya kawo mu ga "rasit ɗin jirgi" na Hajiya. Rasit ce, gaskiya, kamfanin jirgi ya shaida ya karɓi kaya. Amma ta wuce nan: da ita ake karɓar kayan a tashar sauka. Galibi asali uku ake bugawa, an miƙa ɗaya an karɓi kaya, sauran biyun sun mutu. Shi ya sa mai sayarwa ke turo hotonta ta waya, ya riƙe asalin sai an cika masa kuɗi. Hoton ba ya fito da ko allura, kwantena na zaune, kuɗin jinkiri na hawa kullum. Idan ya ce ya sake ta ta teles, wato kamfanin jirgi ya aiko da saƙon a ba ki kaya ba tare da asalin ba, ki sa ejan ɗinki ya tabbatar a ofishin kamfanin jirgin.

Wani abu kuma, Hajiya: idan kayan kwantena ne, za ki ga an rubuta `said to contain` a jikin biyel. Ma'ana, kamfanin jirgi bai buɗe ba, abin da mai lodi ya faɗa ya rubuta. Takardar ba ta shaida cewa atamfar da kika zaɓa ce a ciki.

Malama Rabi:
To a ce takardar mallakar kaya.

Alhaji Isufu na Maraɗi:
A'a, Malama. Na sha ganin banki ya riƙe ta jingina, kaya kuwa ba nasa ba ne. Mu a nan sunan Faransanci muke kiranta, amma da ni ne, takardar fansar kaya zan ce.

Malam Habu Apapa:
Ni takardar lodin jirgi ta fi kwanta min, ita ce ta fi kusa da asalin sunan. Sai dai na yarda ba ta nuna cewa da ita ake karɓa ba. Ta Alhaji ta nuna, amma wani zai ji "fansa" ya zaci kuɗin kwastan ake nufi.

Zainabu Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ɗauki ukun Malama Rabi, kuma a ƙarƙashin kowanne zan rubuta musu "asara taki ce daga kan jirgi". Biyel zan kai musu sunayen biyu ranar Asabar in ji wanda ya fi shiga kunnensu. Malam Habu, saura ɗaya: wata ta ce kayanta sun lalace a harabar tashar can, kafin a ɗora kwantenar a jirgi, kuma FOB ne. Wannan asarar wa ke nan?

Malam Habu Apapa:
A ƙa'ida ta mai sayarwa ce, tunda ba su hau ba. Amma a nan ake yawan rigima, don kayan sun riga sun bar hannunsa. Ki turo min abin da aka rubuta a takardar cinikin tukuna.