Ƙaatala ko ƙutila: shawarar da aka ba mai wasiƙa

Wani ɗalibi a Maradi ya rubuta wa malaminsa wasiƙa kan surar Ali Imrana, aya ta 146 a lissafin Hafsu, wadda ya ga fassarori biyu sun saɓa a kanta. Fassara ɗaya ta ce jama'a masu yawa "sun yi yaƙi" tare da annabawa, ɗayar ta ce "an kashe". Ya tambaya: "Allah gafarta Malam, wace ce ta yi kuskure?" Kafin ya aika, ya karanta wa abokan karatunsa a zaure.

Yawancinsu sun ce ya cire kalmar "kuskure", ya fara duba ruwayar da kowane mai fassara ya bi. Hafsu na karanta ƙaatala, da jan ƙa, wato ya yi yaƙi. Warshu, wadda muka taso da ita a makarantun allo, na karanta ƙutila, an kashe. Rubutun asali bai sa alifi bayan ƙafi ba, shi ya sa ya ɗauki duka biyun, kuma kowacce ƙira'a ce ingantacciya.

Wani dattijo ya ƙara da cewa ya kwafo Larabcin da ke gefen kowace fassara, har da wasulla. Ni a ganina wannan shawarar ta fi amfani, don in Larabcin ya zo ɗaya, to saɓanin daga masu fassarar ne, sai Malam ya koma ga tafsiri.