Sautin "th" na Turanci: Inda Harshe Ya Kamata Ya Zauna

Da malaman Turanci suka tattauna, shawarar da ta fi yawa ita ce a duba madubi. Bahaushe kan ce "sink" maimakon "think", domin harshensa na ɓoye bayan haƙora. A fito da bakin harshe tsakanin haƙoran gaba, a hura iska a hankali. Idan ba a hango harshen a madubi ba, mai yiwuwa "s" ake faɗi. Ga "this" kuma, harshen yana nan, sai dai maƙogwaro ya yi rawa. A dafa shi a ji.

Ni abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen kalma, tunda galibin kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Wata malama ta ce a gina "months" daki-daki: "mun", "munth", sannan "s", kada a soka wasali tsakani.