Wa ya taɓa ajiye labari saboda an ce jarumin zaɓaɓɓe ne tun kafin a haife shi?

Ɗan Fagge: Jama'a, ni da Naruto, katun ɗin nan na Japan, abin ya same ni. Na bi yaron tun yana faɗuwa jarrabawar makaranta, har sau uku, gari duk an tsane shi. Ya kayar da Neji, wanda ke cewa kowa da ƙaddararsa aka haife shi, ba mai sauya ta. Can gaba sai aka ce ai ɗan Hokage na huɗu ne, wato shugaban garinsu, shi ne yaron da aka yi annabcin zuwansa, wai kuma ruhin wani gwarzon zamanin da mai suna Asura ne ya dawo a jikinsa. To ashe Neji ne mai gaskiya ke nan? Raina ya ɓaci, na daɗe ban koma ba. Wa ya taɓa jin irin haka?

Maman Hanif: Ni ban san wannan katun ɗin ba, yarana ne ke kallo. Amma a littattafanmu na soyayya abin ya ishe ni. Yarinya tana tallan goro, kishiyar uwa na gana mata azaba, ta daure ta yi karatun dare har ta ci jarrabawa. Ina ta yi mata addu'a kamar 'yar cikina. Saura babi biyu sai a ga wani tabo a kafaɗarta, wai 'yar wani attajiri ce da aka sace tana jaririya. Daga nan jarrabawar ba ta ƙara amfani ba, gado ne ya warware komai. Na ce to 'yar mai goron ta gaskiya fa, ita shi ke nan?

Ustaz Na Tudu: A yi hattara dai. Arziki da ɗaukaka na Allah ne, Shi ke zaɓar wanda Ya so. Kada son labari ya sa mu raina ƙaddara.

Maman Hanif: Allah gafarta Malam, ba wannan ake nufi ba. Marubuci muke tuhuma, shi da ya ƙulla matsala ya kasa kwance ta.

Baffa Mai Shago: Ɗan Fagge, ka yi rabin gaskiya. Na karanta littafin kaf, babi 700, daga 1999 zuwa 2014 aka yi ana fitar da shi. Naruto bai taɓa zama yaro gama-gari ba. Tun babin farko an faɗa cewa dodo mai jela tara na cikinsa, kuma da ƙarfin dodon ya tashi bayan Neji ya toshe masa hanyoyin chakra, wato ƙarfin da ke gudana a jikinsa. Abin da ya sa muka yarda da shi shi ne an nuna mana wahalarsa da idonmu. Dubi yadda ya koyi Rasengan, dabarar dunƙule chakra a tafin hannu: balan-balan mai ruwa da farko don juyawa, sai ƙwallon roba don ƙarfi, sannan balan-balan mai iska don ya riƙe abin a dunƙule. Kana ganin inda ya kasa, kana ganin dabarar da ya ƙirƙiro ta sa kwafin kansa ya taya shi da hannu. Daga baya kuwa wani tsoho ya bayyana masa ya miƙa masa ƙarfi kawai. Ni da haka nake ganewa: in an cire asalin jarumi, nasarar za ta tsaya? Rasengan za ta tsaya. Kyautar tsohon ba za ta tsaya ba.

Ɗan Fagge: Baffa, na yarda da batun dodon. Amma dodon a farko nauyi ne a kansa, saboda shi ake gudunsa. Annabcin kuwa ba abin da ya biya.

Zee: Ku duk kun manta Rock Lee. Ba ya iya ninjutsu ko genjutsu, wato dabarun siddabaru da na ruɗa ido, sai naushi da ƙafa. Ranar da ya kwance ƙarafan da ke ɗaure a ƙafafunsa a gaban abokin karawarsa Gaara, ni da yayyena ihu muka yi har Umma ta leƙo. Kuma ya sha kashi fa, an ragargaza masa hannu da ƙafa. Har yau shi nake tunawa.

Baffa Mai Shago: Don zai iya faɗuwa ne, Zee. Wanda aka ce zai ceci duniya kin san ba zai mutu a tsakiyar littafi ba, sai faɗan ya rasa fargaba.

Alƙalamin Damagaram: Ni ina rubuta labaran yaƙi, kuma ba zan daina sa boka ya hango sadauki ba. Da na fitar da wani mai jarumi ɗan maƙeri, masu karatu suka yi ta tambaya ta yaya talaka zai shiga fada har sarki ya saurare shi. Sai da na ci babi da yawa ina gina masa hanya, wasu suka gaji suka tafi. Bushara layi ɗaya take yin wannan aikin.

Maman Hanif: Ɗan'uwa, turo min na ɗan maƙerin. Amma in na tarar da tabo a kafaɗarsa, za ka ji ni.