Me za mu kira "difozit" a wasiƙar tabbatar da kama ɗaki?

Bilkisu: Assalamu alaikum. A imel ɗin da otal ke tura wa baƙo bayan ya kama ɗaki, wace kalma ta dace da difozit? Wasu na rubuta "kuɗin ajiya".

Malam Habu: Wa alaikumus salam. A guji "ajiya", Malama. Abin da aka ba ka ajiya na mai shi ne, ran da ya so ya karɓa, don haka baƙon da ya fasa zuwa zai nemi kuɗinsa cif, kuma da gaskiyarsa. Ai abu biyu ne ake kira difozit. Akwai wanda ake biya don a riƙe ɗaki, a cire shi daga jimillar kuɗi. Wannan Hausa na da sunansa tun tuni, shi ne "kafin alƙalami". Akwai kuma wanda ake riƙewa saboda ɓarna, a mayar ranar tafiya. Kowanne a ba shi layinsa da adadinsa.

Nura: To a kira su duka jingina mana, a huta.

Malam Habu: Jingina ana fansarta ne, saboda haka na biyun kaɗai ta kama. Ga misali: ɗaki ₦40,000 a kwana, kwana 3. "Jimilla ₦120,000. Kun biya kafin alƙalami ₦40,000. Saura ₦80,000, za ku biya lokacin karɓar makulli. Ban da wannan akwai jinginar ₦20,000, za a mayar muku ranar tafiya in ba a samu ɓarna ba."

Hajiya Rabi: "Karɓar makulli" ɗin nan ta fi "lokacin shiga", domin mutum na iya shigowa harabar otal tun da safe ya ce ai ya shiga. Amma inda aka fi yin rigima shi ne rana. Kada a kuskura a rubuta "daren Juma'a": a wurin da yawanmu daren Juma'a shi ne Alhamis da dare. A rubuta "Karɓar makulli: Alhamis 12 ga Maris, daga ƙarfe 2 na rana. Mayar da makulli: Lahadi 15 ga Maris, kafin ƙarfe 12 na rana." Wata kuma da sunansa, ba 12/3 ba.

Haka sharaɗin fasawa. "Awa 48 kafin zuwa" daga yaushe ake ƙirgawa? Ku yi wa baƙo lissafin: "In kun fasa kafin Talata 10 ga Maris, ƙarfe 2 na rana, za a mayar muku da ₦40,000 ɗinku. Bayan haka ba a mayarwa, ko da ba ku zo ba."

Bilkisu: Na ɗauki kafin alƙalami, Hajiya. Jingina ce dai nake jin ta yi wa baƙo nauyi, kamar wanda ya zo cin bashi.

Nura: "Kuɗin ko-ta-kwana" fa?

Hajiya Rabi: Yana da daɗin ji, amma bai ce za a mayar ba.